Ina so in nemi Alhaji ya ƙara min kwanakin biya, ta ina zan fara?

Sani Pitowa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da matsala, ku taimaka min da shawara. Shekara uku ke nan ina ɗaukar kaya wajen wani Alhaji a babbar kasuwar Garwa. Duk sati biyu ina ɗaukar buhu 100 na shinkafa mai kilo 50 a kan 22,000, da jarka 40 ta man girki a kan 25,000. Jimla sefa 3,200,000. Ƙa'idarmu in biya ranar 14, wato ranar da kaya suka cika kwana 14 a hannuna, in ɗauki sabon kaya. Tun da damina ta kankama masu shaguna na ƙauye da nake ba wa bashi sun daina biya a kan lokaci. Da sati biyu suke yi, yanzu sai sun kai wata guda. Ina so in nemi ya mayar min da wa'adin kwana 30, amma ina jin nauyinsa ƙwarai, kuma ina tsoron ya ɗauka na karye. Yaya ake faɗa wa mutum irin wannan ba a ɓata ba?

Bello Mai Babur: Wa alaikumus salam. Ka je ɗaya daga cikin ƙananan bankunan nan mana, suna ba 'yan kasuwa rance in kana da takardar fili. Ni ta haka na sayi babura biyu.

Sani Pitowa: Malam Bello, ba rance nake nema ba. Kayan ma suna hannuna, lokaci kawai nake so a ƙara min.

Ɗanjuma Marwa: Sani ka cika tsoro. Wa ya ce sai ka nemi izini? Ran da ta cika ka kai masa rabi, ka ce saura na nan tafe. Ka yi haka sau biyu sau uku, da kansa zai saba. Duk kasuwar nan haka ake yi, bashi hanji ne yana cikin kowa. In ya yi maka tsiya ka nuna masa akwai wasu diloli a Garwa, ai ba shi kaɗai ke sayar da shinkafa ba.

Hajiya Balaraba: Ɗanjuma, Allah ya shirye ka. Ni nake ba da kaya irin yadda Alhajin nan yake bayarwa, a nan Ngaundare, bari in gaya muku abin da muke gani daga wannan ɓangaren.

Wanda ya kawo min rabi ranar biya ba tare da ya faɗa min tun da wuri ba, ba zan yi masa faɗa ba. Zan karɓa, in yi masa godiya, har in tambayi iyali. Amma a littafina na sa masa alama. Zuwa na gaba in ya ce buhu 100, sai in ce kaya sun yi ƙaranci, ga 60. Ran da farashi zai tashi, ba shi zan fara kira in ce zo ka kwasa kafin gobe ba. Ran da sukari ya yi wuya gab da azumi, wanda ya cika alkawari shi zai samu. Shi yana ganin ya saba min da jinkiri, ni kuwa na riga na rage shi. Abin da ke ɓata mana rai shi ne ranar da muka ƙirga da kuɗinka muka ga wayam, don mu ma akwai mai jiranmu a Duwala. Kayana na hawa jirgin ƙasa ko tirela ne bayan na tura kuɗi, ko na tura mafi yawansu. In kuɗin Sani bai shigo ranar Litinin ba, lodin ranar Laraba ya wuce ni.

Batun yi masa barazana da wasu diloli kuwa, wane dila ne zai ba baƙon fuska kayan miliyan uku bashi ranar farko? Kuma manyan nan sun san juna. Kafin Sani ya gama gaisuwa a sabon shago an riga an kira tsohon ubangidansa an tambaya.

Ɗanjuma Marwa: Hajiya ai ban ce ya cinye ba. Kuma gaskiya ne in dila ya san ba ka da wajen zuwa, sai yadda ya yi da kai.

Hajiya Balaraba: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Yana da kyau mutum ya riƙa sayen wani ɗan abu da kuɗi hannu a wani wuri, ko sabulu ne, don a san fuskarsa. Amma ba abin da za a ɗaga wa ubangida a fuska ba ne.

Malam Isiyaku Akawu: Sani, kafin a kai ga yadda za ka faɗa, mu duba me za ka faɗa. Na yi shekaru ina riƙe wa wani ɗan kasuwa littafi, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zo yana maganar kwanaki, mai kaya kuma kuɗi yake ƙirgawa a zuciyarsa. Kai a wajenka ƙarin sati biyu ne. Shi a wajensa, tunda za ka ci gaba da ɗaukar kaya duk sati biyu, lodi biyu za su taru a kanka kafin ka biya na farko. Bashin da bai taɓa wuce 3,200,000 ba zai koma 6,400,000. Wato kana neman ya ninka amanar da ya ba ka ke nan a zama ɗaya. Ko ni ne zan ce bari in yi shawara.

Amsa min tambaya uku. Man girkin nan kwana nawa yake yi a shagonka? Cikin buhu 100, nawa ne ke fita da kuɗi hannu? Kuma ka taɓa saɓa masa rana?

Sani Pitowa: Mai ba ya kai kwana goma, kuma kusan duk kuɗi hannu ne, musamman ranar Lahadi da kasuwar Pitowa ke ci. Shinkafa kamar buhu 40 nake sayarwa da kuɗi. Sauran 60 su nake raba wa masu shaguna shida, wajen Lagdo da Ngong da ƙauyukan kusa da mu. Batun saɓa rana, sau ɗaya ne, watan da ya wuce. Na makara da kwana biyar.

Malam Isiyaku Akawu: Ka sanar da shi kafin ranar?

Sani Pitowa: Gaskiya ban sanar ba. Kunya ta sa na kashe waya kwana biyu. Da na kai kuɗin bai ce komai ba, sai dai ya ce wa yaronsa ya ƙirga, alhali da shi da kansa yake karɓa muna hira.

Hajiya Balaraba: Kai Sani. Kashe wayar nan ya fi kwana biyar ɗin muni. Kuma ba wa yaro ya ƙirga, magana ce ya yi maka. Da ita za ka fara in ka je, ka ba da haƙuri a kanta ita kaɗai, kada ka haɗa ta da roƙo a numfashi ɗaya.

Malam Isiyaku Akawu: To ga lissafin. Matsalarka ba ta kai 3,200,000 ba. Mai yana biyan kansa kafin ranar 14, buhu 40 ma haka. Abin da ya maƙale shi ne buhu 60, a kan 22,000, wato 1,320,000. A kansu kaɗai za ka nemi ƙari. Ka ce masa ranar 14 za ka kawo 1,880,000 kamar kullum ba fashi, kuɗin buhu 60 kuma ya bar maka zuwa ranar 28. Na ce 28 ban ce 30 ba don ta faɗo daidai ranar da kake zuwa ɗaukar kaya, kada a ƙirƙiro wata sabuwar rana da za a manta. Da haka mafi yawan abin da zai taru a kanka 4,520,000 ne. Tsakanin wannan da 6,400,000 akwai nisa, kuma in ka faɗi adadin da bakinka zai san ka zauna ka yi lissafin aljihunsa, ba naka kaɗai ba.

Sai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Sauƙin nan sau ɗaya za ka ji shi. Ranar 14 ta farko ce kawai za ka biya 1,880,000. Ranar 28 za ka biya 1,320,000 na tsohon lodi, da 1,880,000 na sabo, ka ga an koma 3,200,000 duk sati biyu kamar da. Abin da ka samu shi ne 1,320,000 da za su zauna a hannunka muddin tsarin yana tafiya, su toshe ramin da masu shagunan suka haƙa maka. In ka ga kuɗi sun yi sarari a wannan satin ka sayi babur ko ka ƙara wa wani bashi, ka dawo inda kake, kuma yanzu bashinka ya fi na da.

Sani Pitowa: Wallahi Malam ban taɓa kallonsa ta haka ba. Ni a zatona duk wata zan riƙa jin sauƙin.

Abakar Kusiri: Mu a nan abin ya fi haka. Bara tirelar da ta ɗauko min fulawa ta yi kwana tara tsakanin Mora da Dabanga saboda taɓo, ga wa'adina yana tafiya tun ranar da aka yi lodi. Kafin kaya su iso, in tsallaka da su gadar Ngeli in kai wa masu gidan burodi a Njamena, ranar biya ta zo ban sayar da ko buhu ɗaya ba. Abin da na nema wajen mai kayana ba ƙarin kwana ba ne, cewa na yi a fara ƙirga daga ranar da kaya suka sauka a sitona. Ya yarda, da sharaɗin direba ya kira shi ranar sauke kaya. Sani, ko kai ma haka za ka nema?

Sani Pitowa: Yaya Abakar, tsakanin Garwa da Pitowa ai ko awa ɗaya mota ba ta yi. Ranar lodi ita ce ranar sauka.

Abakar Kusiri: Haka ne fa. To a bar wa masu nisa.

Hajiya Balaraba: Amma kada a wuce ta, dabara ce mai kyau ga duk wanda kayansa ke kwana a hanya. Ta fi sauƙin karɓa don kowa ya san hanya ba laifin mai saye ba ce.

Sani, in ƙara a kan na Malam Isiyaku. Ka sa wa roƙonka ranar ƙarewa. Kada ka ce daga yau, ka ce zuwa kaka. Alhajin ya fi ka sanin cewa yanzu kuɗin ƙauye suna gona, an sayi taki an biya 'yan ƙodago. In gyaɗa da masara sun shigo kasuwa masu shagunanka za su farfaɗo, kuɗin auduga kuma sai can bayan an tsince an auna. Mu abin da muke tsoro shi ne ƙarin da ba ya komawa, yau 28 gobe 40. In ka ce ƙarshen Oktoba za a koma yadda ake, ka rage masa rabin fargaba.

Kuma ka zo da abu a hannu. Ba toshiya nake nufi ba. Me Alhaji yake so wanda ba zai ci maka kuɗi ba? Wataƙila akwai kayan da suka kwanta masa, wata shinkafa da ba ta tafiya a birni amma ƙauye za su saya. Wataƙila ya fi so ka riƙa tura masa kuɗin mai ta waya ranar Litinin bayan kasuwar Pitowa, maimakon su kwana a akwatinka har ranar 14. Wannan na biyun ni shi na fi so a yi min. In miliyan ɗaya ta shigo min sati guda kafin lokaci, ba zan ji zafin miliyan ɗaya da wani abu da ta makara ba.

Ɗanjuma Marwa: Ko kuma ya ce zai ƙara masa wani abu a kan bashin, kamar 30,000, a wuce wajen. Kuɗi ke magana.

Malam Hamisu: Tsaya Ɗanjuma, a nan akwai gyara, don abin ya shafi halal da haram. Kayan da Sani ya riga ya ɗauka, farashinsu ya tabbata, sun zama bashi a wuyansa. In ya ce ƙara min kwana in ƙara maka kuɗi a kan wannan bashin, wannan ita ce riba ta zahiri wadda Alƙur'ani ya hana, babu saɓani a kanta. Amma sabon lodi da ba a ƙulla cinikinsa ba, in Alhaji ya ce buhun da za a biya ranar 28 kuɗinsa 22,200 ne, aka tsaya a kan farashi ɗaya da rana ɗaya kafin a ɗauki kaya, mafi yawan malamai sun halatta, don ciniki ne na ajali. Sharaɗin shi ne kada a tashi a bar shi a buɗe, a ce in ka biya ranar kaza kaza ne, in ka kai ranar kaza kaza ne, ka je ka gani. Kuma in ranar ta zo ya makara, ba a ƙara ko dala.

Saboda haka Sani, ka biya lodin da ke kanka cif a ranarsa, sabon tsari ya fara daga lodi na gaba. Ka huta ta fuskar addini, kuma ta fuskar kasuwa ma ya fi kyan gani. Sannan ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka. Mutanenmu suna ganin neman a rubuta rashin yarda ne, alhali umarni ne.

Hajiya Balaraba: Malam, to wanda ya ce min Hajiya zan biya kafin lokaci ki rage min wani abu fa? Ana yi min wannan sosai.

Malam Hamisu: Wannan akwai saɓani, Hajiya. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta an hana a ƙulla sharaɗin rage min in gaggauta maka a kan bashin da ajalinsa bai yi ba. Wasu malamai sun halatta, har da na wannan zamani. Ni ina kauce masa. Ki tambayi malamin da kika natsu da shi.

Hajiya Balaraba: To ni dai ina yi, kuma wanda na tambaya bai hana ni ba. Allah ya sa mu dace.

Bello Mai Babur: Ya ba shi caki mana mai kwanan wata na gaba, ai hankalin Alhaji zai kwanta.

Malam Isiyaku Akawu: A yi hattara da wannan. A dokar da bankunanmu na yankin sefa ke bi, caki ana biyansa ne ranar da aka gabatar da shi, ko da ka rubuta kwanan watan gaba. In akawun Alhaji ya haɗa shi da sauran takardu ya kai banki gobe, babu kuɗi a asusunka, ka shiga matsalar caki mara kuɗi, banki na iya hana ka amfani da caki, kuma maganar da ke tsakanin mutum biyu ta fita waje. Takarda mai sauƙi ta isa: kwanan wata, buhu nawa, farashi, ranar biyan kowane kashi, sa hannunku da na shaida. Ko a littafin Alhaji aka rubuta, ka ɗauki hotonsa da waya.

Na manta abu ɗaya ɗazu. Ran da tsarin zai ƙare, za ka biya 3,200,000 na kullum da 1,320,000 da aka ɗaga maka, 4,520,000 a rana ɗaya. A nan mutane ke faɗuwa, sai su dawo neman wani ƙarin, daga nan yarda ta tafi. Ka nemi a sauko da shi a hankali tun yanzu: zuwa uku na ƙarshe ka riƙa ƙara 440,000 a kan kuɗin kullum, sau uku ya share.

Sani Pitowa: Na rubuta duka. Yanzu yaushe zan same shi? Ranar biyana Alhamis ce mai zuwa. In kira shi yau in fara shimfiɗa?

Hajiya Balaraba: Kada ka yi ta waya, kada kuma ka aika saƙon murya, don ana iya kunna shi gaban mutane. In ka kira kafin Alhamis zai ɗauka kuɗin Alhamis ne babu, duk abin da ka faɗa bayan nan da wannan kunnen zai ji shi. Ka nemo kuɗin Alhamis ko ta halin ƙaƙa, ka kai da safe, a ƙirga a rufe shafi. Sannan ka ce Alhaji ina da 'yar magana in ka samu sarari, ko bayan la'asar ko a gida. Kada ka yi gaban yaran shago ko wasu masu sari. In ya yi maka a gabansu, gobe kowa zai zo da tasa, don haka dole ya ce a'a ko yana so.

Kawu Ɗanladi: Na karanta duka. Mu a zamaninmu yaro ba ya tunkarar ubangidansa da irin wannan kai tsaye. Wanda ya kai ka wajen Alhaji tun farko, shi za ka samu, ku je tare. Shi ya tsaya maka, bai kamata ya ji a bakin wani ba.

Malam Isiyaku Akawu: Kawu, a sanar da shi kam wajibi ne. Amma tafiya tare ina da ja. In babban mutum ya zauna a wurin, Alhaji zai amsa don kunya, ba don lissafinsa ya yarda ba. Amsar kunya kuwa a wani wuri take fitowa, ko a farashi ko a rage kaya. Shekara uku Sani yana biya, ya isa ya yi maganar kansa.

Kawu Ɗanladi: Ku yaran yanzu komai lissafi. Mutum yana ba da bashi ne don fuskar da ya sani.

Hajiya Balaraba: Ni a tsakiya nake. In Alhajin dattijo ne irin na da, maganar Kawu ce. In ɗansa ne ya yi boko yake riƙe da littafi, takarda za ta fi dattijo aiki. Sani ya fi mu sanin mutuminsa.

Sani Pitowa: Dattijo ne, amma ɗansa ke rubutu. Wanda ya kai ni kuma ƙanin mahaifiyata ne. Zan gaya masa, in ji abin da zai ce.

Sani Pitowa: Jama'a assalamu alaikum, na dawo da labari. Kawuna ya ce in je ni kaɗai, amma ya kira Alhaji da daddare sun gaisa, bai faɗi komai ba sai cewa yaronka zai zo da magana. Ranar Alhamis na kai 3,200,000 cif, sai da na ranci 600,000 wajen matata daga kuɗin adashinta. Bayan la'asar ya kira ni cikin sito, muka zauna a kan buhuna, aka kawo shayi. Na fara da ba da haƙurin kashe waya. Ya daɗe yana juya kofi, sannan ya ce da ma yana jira ya ga ko zan ɗauko maganar. Ya ce a kwana biyun nan har ya tura yaro Pitowa ya duba ko shagona a buɗe yake. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Na fito da littafina na nuna masa sunayen masu shaguna shida da abin da ke kan kowa. Ya bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na biyar ya tsaya, ya ce wannan ya san shi, ya taɓa cinye wa wani kuɗin sukari, in daina ba shi. Ya ce ba zai ɗaga min kuɗin buhu 60 ba, zai ɗaga na 40, wato 880,000, zuwa ranar 28, daga lodin nan har ƙarshen Oktoba. Kuɗin mai in riƙa turawa duk Litinin. Ya kira ɗansa ya rubuta. Ɗan ya so a ƙara 200 a kan kowane buhu na jinkiri, Alhaji ya ce a bari. Ya kuma haɗa ni da buhu 10 na wata shinkafa 'yar gida ta wajen Yagwa da ta kwanta masa, ya ce in gwada, in biya abin da na sayar in dawo da saura.

Hajiya Balaraba: Alhamdu lillahi. Ka samu da yawa. Litinin ta farkon nan ka tura kafin azahar, kada ka bari ya tuna maka.

Malam Isiyaku Akawu: Madalla. Amma kana da sauran rami. Ka nemi 1,320,000 ka samu 880,000, saura 440,000, ga kuma 600,000 na uwargida da za ka mayar daga cikin sauƙin da za ka samu. Kun yi maganar saukowa a hankali a ƙarshe?

Sani Pitowa: Na manta wallahi, sai da na hau mota na tuna.

Malam Isiyaku Akawu: Kada ka koma gobe da sabuwar magana. Ka bari ka cika sau biyu, sannan ka faɗa wa ɗan, tunda shi ke rubutu. Ko ka fara rage wa da kanka ba tare da an ce ka yi ba, ba wanda zai ƙi karɓa.

Ɗanjuma Marwa: Ni dai ina ganin da ka dage da ka samu 60 ɗin. Wanda ya ba da 40 ba musu yana da sarari.

Hajiya Balaraba: Ko kuma 40 ɗin ce iyakar abin da ya yarda masu shagunan za su dawo da shi. Ya ga littafin fa.

Sani Pitowa: Abin da ke damuna yanzu shi ne na biyar ɗin nan. Kuɗin buhu 18 na kansa, lodi biyu bai kawo komai ba. In na tsayar masa da kaya ina tsoron ya koma wani wuri da kuɗina, in na ci gaba kuma Alhaji ya ce in daina. Kuma surukin maƙwabcina ne.

Kawu Ɗanladi: Ran wace kasuwa yake shigowa Pitowa?

Sani Pitowa: Lahadi, Kawu. Amma makon jiya yaronsa ya aiko.